Wasiƙar Neman Aikin Fassara ga Wanda Ya Gama Jami'a Kwanan Nan: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban da suka kammala karatun Hausa, Turanci, Larabci ko Faransanci a Kano suka fi yi idan za su rubuta wa kamfanin fassara wasiƙar neman aiki. Mun gina amsoshin a kan mai neman fassarar takardun kiwon lafiya daga Turanci zuwa Hausa. Mai neman fannin shari'a ko noma zai iya bin tsarin ya sauya misalan.

Na riga na haɗa sibi. Me wasiƙa za ta ƙara?

Sibi jerin makarantu ne da shekaru da wuraren aiki. Wanda ya fito daga jami'a bana, sibinsa bai bambanta da na abokan ajinsa ba: digiri ɗaya, shekara ɗaya, bautar ƙasa ɗaya. Mai rarraba ayyuka a kamfanin fassara kuwa tambaya guda ce a ransa: idan takardar asibiti ta shigo ranar Laraba, ana son ta ranar Juma'a, wa zan ba wa in kwanta da kwanciyar hankali? Wasiƙar ce ke amsa masa. Tana faɗin harshen da kake ɗaukowa da wanda kake zubawa, fannin da ka sani, da hujjar saninsa. Ita ce kuma rubutunka na farko da zai gani, don haka tun kafin ya turo maka gwaji ya riga ya fara auna ka.

Ba ni da gogewar aiki. Wane fanni zan ce na fi ƙarfi a kai?

Kada ka nemi amsar a takardar digirinka kaɗai. Duba inda ka zauna da abin da ka yi da hannunka. Wadda ta yi bautar ƙasa a ƙaramin asibiti tana yi wa mata bayanin ranakun awo da katin rigakafi ta san yadda ake maganar ciki da haihuwa ba tare da an ɓata wa kowa rai ba. Wanda ya taso yana taya mahaifinsa a kasuwar hatsi ta Dawanau ya san awo, dillanci da sunayen iri. Ɗan gidan manoman rani na Kadawa ko Kura ya san taki da feshi da cututtukan tumatir da shinkafa. Wanda ya ratsa Kwalejin Shari'a ta Aminu Kano kafin ya shiga jami'a yana da gado da aure da ciniki a kansa da Larabci da Hausa. Kundin digirinka ma hujja ne, in dai ya taɓa fannin.

Ga gwajin da za ka yi wa kanka kafin ka rubuta sunan fanni. Ɗauki takardar gaske ta fannin, shafi biyu na Turanci, ka karanta. Idan za ka iya yi wa ƙanwarka bayanin abin da ke ciki da baki, ba tare da ka buɗe ƙamus fiye da sau uku ko huɗu a shafi ba, kana iya kiran sa fanninka. Idan kalmomin ka gane amma ba ka gane me ake yi wa mara lafiyar ba, da saura.

Fanni nawa zan ambata? Ina tsoron in taƙaita in rasa aiki.

Ɗaya babba, sai ɗaya ƙarami da ke maƙwabtaka da shi, kamar kiwon lafiya da abinci mai gina jiki, ko shari'ar Musulunci da takardun filaye. Wasiƙar da ta ce mai ita yana fassara likitanci, shari'a, injiniyanci, banki, adabi da siyasa, kuma bara ya gama makaranta, ba a yarda da ko ɗaya daga cikin shidan. Kamfanoni suna ajiye masu fassara a rumbun bayanansu bisa harshe da fanni. Idan aiki ya zo sai a tace sunayen. Wanda aka rubuta wa "lafiyar mata da yara" ya fi saurin faɗowa a idon mai nema fiye da wanda aka rubuta wa "komai". In ka yi musu aiki biyu ko uku lafiya, su da kansu za su tambaye ka ko kana iya wani fannin.

Har cikin fannin ma ka rage faɗi. "Kiwon lafiya" teku ne. Takardar wayar da kai kan gudawar yara daban take da rahoton binciken magani da likitoci za su karanta. Ka faɗi irin takardun da kake iyawa: takardun wayar da kan jama'a, takardar neman amincewar mara lafiya, tambayoyin bincike da ake bi gida-gida da su, saƙonnin rediyo.

Ta yaya zan nuna na san fannin ba tare da na yi ta yabon kaina ba?

A nan wasiƙu da yawa suke mutuwa. "Ni mai ƙwazo ne, mai kula da aiki, mai son fassara tun ina ƙarami." Kowa ya rubuta haka, kuma ba a iya tabbatar da ko kalma ɗaya a ciki. Abin da ke aiki shi ne ka kawo matsala guda ta gaske daga fannin, ka faɗi yadda kake warware ta, cikin jimla uku ko huɗu. Wanda ya san aikin zai gane ka san shi.

A fassarar lafiya ga irin matsalolin da suka cancanci shiga wasiƙa.

Ta farko awon magani. Takardar gudawar yara za ta ce a zuba ƙunshi ɗaya na garin gishiri da suga a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a kuma ba yaron da ya haura wata shida ƙwayar zinki mai miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, wanda bai kai wata shida ba a ba shi miligiram 10. Mai fassarar da bai san fannin ba zai iya mayar da lita "kofi" ko "kwano" don ya sauƙaƙa wa uwa. Kofunan gidaje ba girmansu ɗaya ba. In ruwan ya yi kaɗan gishirin ya yi yawa, kuma hakan na iya cutar da yaron da ake son ceto. Haka cokali: ƙaramin cokalin awo mililita 5 ne, babba mililita 15, don haka rubuta "cokali ɗaya" kawai na iya ninka magani sau uku. Wanda ya rubuta a wasiƙarsa cewa ba ya taɓa adadi ko ma'auni, kuma idan yana ganin mai karatu ba zai gane ba yakan bar wa mai aikin tambaya a gefe, ya faɗi abin da ya fi shafi guda na yabo.

Ta biyu sunayen cututtuka. A bakin mutane "shawara" tana iya nufin rawayar ido ko ta jariri ko ta babba, tana iya nufin ciwon hanta, tana kuma shiga sunan zazzaɓin da sauro ke yaɗawa wanda ake yi wa yara allurarsa a wata tara. A takardar rigakafi dole a fayyace wanne ake nufi, in ba haka ba uwa za ta ɗauka an yi wa ɗanta allurar da ba a yi masa ba.

Ta uku jinsi. Turanci yana yi wa namiji da mace magana da lamiri ɗaya, Hausa kuwa dole ta zaɓi "ka" ko "ki". Takardar amincewa da aka shirya don masu juna biyu, in ta fito da "ka amince", ma'aikacin da ke karanta ta a gaban matan zai riƙa gyarawa da baki, kuma abin da aka karanta ya saɓa wa abin da aka sa wa hannu. In takardar ta maza da mata ce, mai fassara ya tambaya tun farko: a fitar da biyu, ko a yi amfani da "ku"?

Ka zaɓi ɗaya kawai daga irin waɗannan. In ka zuba uku, wasiƙar ta zama lacca.

Me ya sa kuke yawan ambaton takardar amincewa?

Saboda a Kano ba ƙaramar magana ba ce. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, an gwada maganin Trovan a kan yara a birnin nan, kuma cikin manyan ƙorafe-ƙorafen da suka kai ga shari'a har da cewa ba a nemi amincewar iyaye yadda ya kamata ba. A 2003 kuma an dakatar da rigakafin shan inna a jihar saboda rashin yarda, sai a 2004 aka ci gaba. Kwamitocin da ke duba ɗa'ar bincike suna neman a kawo takardar amincewa da harshen waɗanda za a yi binciken a kansu, kuma sau da yawa ana ba wani mai fassara daban Hausar ya mayar da ita Turanci ba tare da ya ga asalin ba, sannan a gwama biyun. Duk inda ka tausasa haɗarin magani, ko ka tsallake jimlar da ta ce mutum na da damar janyewa a kowane lokaci ba tare da an daina kula da shi ba, nan zai fito fili. Ba sai ka kawo wannan tarihi a wasiƙa ba. Jimla ɗaya da ke nuna ka san ana mayar da fassara don tantancewa, kuma kana rubutu da sanin haka, ta isa.

Yaya tsarin wasiƙar yake, kuma nawa ne tsawonta?

Shafi ɗaya, kalmomi 250 zuwa 350, sakin layi huɗu. Na farko: aikin da kake nema, harsunan da alkiblarsu, da fannin. Na biyu, wanda ya fi tsawo: daga ina ka san fannin, da misalin matsala guda. Na uku: kayan aiki, yawan abin da kake iya yi a rana, da lokutan da ake samunka. Na huɗu: abin da ka haɗo, da cewa a shirye kake a gwada ka. Ga samfuri, bayanan da ke ciki na misali ne, kada ka kwafe su in ba naka ba ne.

Zuwa ga Shugabar Sashen Masu Fassara,

Assalamu alaikum. Ina neman shiga cikin masu yi muku fassara daga Turanci zuwa Hausa a fannin lafiyar mata da ƙananan yara. Hausa ce harshen da na tashi da shi a Kano, kuma na yi digirin farko a Hausa a Jami'ar Bayero, inda na ɗauki darussan fassara.

Na yi bautar ƙasa a ƙaramin asibiti, a ɓangaren awon ciki da rigakafi. A can na fassara takardun wayar da kai guda tara kan shayarwa, gudawar yara da zazzaɓin cizon sauro, jimillar kalmomi kusan 6,000, kuma jami'ar jinya ta duba su kafin a liƙa. Na tattara jerin kalmomi 300 na fannin, kowace da yadda ma'aikata ke faɗinta da yadda iyaye mata ke faɗinta. A wajen awon magani ba na sauya adadi ko ma'auni; inda lita ko mililita za su rikita mai karatu, ina barin su yadda suke in rubuta wa mai aikin tambaya. Ban fara fassarar rahotannin gwajin magani ba tukuna, don haka a yanzu takardun jama'a da tambayoyin bincike nake nema.

Ina rubutu da daidaitacciyar Hausa da cikakkun haruffa masu lanƙwasa. Ina aiki da manhajar fassara ta OmegaT, kuma zan iya koyon manhajar da kuke amfani da ita. Ina iya kammala kalmomi 1,200 a rana har da bitar kaina, daga Litinin zuwa Alhamis da kuma Asabar.

Na haɗo sibi da samfurin fassara shafi ɗaya tare da asalinsa. Zan yi farin cikin yin gwajinku. Na gode.

Wance 'yar Wane

Lura da jimlar da ta faɗi abin da ba ta fara yi ba. Masu nema suna jin tsoronta, amma ita ce ke sa a yarda da sauran.

Da wane harshe zan rubuta?

Da harshen da aka yi tallar aikin. In kamfanin na Legas ne ko Abuja ko ƙasar waje, mai karanta wasiƙar ƙila ba ya jin Hausa, sai ka rubuta da Turanci, ka bar samfurin ya nuna Hausarka. A nan sai ka cire sallamar, ka bi gaisuwar wasiƙar ofis ta Turanci. In ofishin na Kano ne kuma da Hausa suka yi sanarwa, rubuta da Hausa. Ko da wane harshe ne, kada ka buɗe da doguwar gaisuwar iyali da gajiya da sanyi, kuma kada ka roƙa. "A taimaka mini don Allah, ba ni da aikin yi" ba ta da gurbi a nan. Sana'a kake tallatawa.

In rubuta cewa ina fassara Turanci zuwa Hausa da Hausa zuwa Turanci?

Ka sa alkiblar da ka fi ƙarfi a gaba, wato zuwa harshen da ka tashi da shi. A ƙa'idar sana'ar, mutum yana fassarawa ne zuwa harshensa na gida. Gaskiya ne cewa Turawa masu jin Hausa ba su da yawa, don haka Hausawa ne ke yin akasarin aikin mayar da Hausa Turanci, musamman hirarrakin bincike da aka naɗa. In kana iyawa ka faɗa, amma a matsayin alkibla ta biyu, kuma ka ce kana son mai bita ya duba Turancin. Tafinta da baki da rubuta abin da aka naɗa ayyuka ne daban da fassarar rubutu, farashinsu ma daban. Kada ka cusa su a jimla ɗaya kamar abu guda.

Digirina ba na fassara ba ne. Zai hana a ɗauke ni?

Ya danganta da kamfanin. Waɗanda ke bin ƙa'idar duniya ta ayyukan fassara mai suna ISO 17100 ta 2015 suna neman ɗaya daga cikin uku: digiri a fassara, ko digiri a wani fanni tare da shekara biyu na cikakken aikin fassara, ko shekara biyar na aikin. Saboda haka in ka yi darussan fassara a digirinka na harshe, ambaci hakan a fili, kuma ka ajiye takardar sakamakon darussa don za a iya nema. Wanda ya karanta aikin jinya, harhaɗa magunguna ko noma kuma Hausarsa ta rubutu tana da kyau, ya sa digirin a layin farko. A wajen fanni ya fi ɗan sashen harshe. Abin da zai tabbatar shi ne ya san ƙa'idojin rubutun Hausa, musamman raba kalma da haɗe ta. Kamfanoni da yawa ba sa bin ƙa'idar ISO ɗin a kowane aiki, gwajinsu ne ke yanke hukunci. In kai mamba ne na Cibiyar Masu Fassara da Tafinta ta Nijeriya, saka. In ba ka shiga ba, kada ka ce ka shiga.

Waɗanne kurakurai ne ke sa a ajiye wasiƙa tun daga layin farko?

Sunan wani kamfani da ya rage a ciki saboda an kwafo daga wasiƙar jiya. Wannan ya fi kowanne yawa.

Sai haruffa masu lanƙwasa. Mai neman aikin fassarar Hausa da ya rubuta "kasa" inda yake nufin "ƙasa" ya nuna wa mai bita aikin da zai riƙa yi masa kullum. Wani lokaci ka rubuta su daidai, amma kwamfutar mai karɓa ta nuna akwatuna a gurbinsu, domin ka yi amfani da tsohon salon haruffa na musamman da babu shi a wajensa. Magani shi ne ka rubuta da allon rubutu na Unicode, ka mayar da wasiƙar da samfurin PDF, ka buɗe su a wayar wani ka gani kafin ka tura. Sunan fayil kuma ya zama sunanka da harsunan, da haruffa marasa lanƙwasa, don wasu na'urori suna lalata su a sunan fayil.

Akwai kuma rabon kalma. "Ya na zuwa" maimakon "yana zuwa", "gidan mu" maimakon "gidanmu", "zamu" maimakon "za mu". A hirar waya ba mai kulawa. Mai bitar da ya yi karatun Hausa zai gan su cikin daƙiƙa. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya kamata ya kasance kusa da kai lokacin da kake bita.

Na ƙarshe alƙawarin da ya wuce ƙarfi. Gogaggen mai fassara yakan yi kalmomi 2,000 zuwa 2,500 a rana. Sabon hannu da ya ce zai yi 5,000 a takardar asibiti, ko bai taɓa auna kansa ba, ko ba ya bita. Auna kanka da agogo a kan shafi biyu, ka rage kaɗan saboda ɗauke wuta da yankewar intanet, ka rubuta wannan adadin.

In ambaci karin harshe da ajami?

I, a jimla ɗaya. Daidaitacciyar Hausa ta dogara ne a kan Kananci, amma ba duk abin da ake faɗa a Kurmi ko Fagge ne ke shiga rubutu ba. In aikin na masu karatu a Jamhuriyar Nijar ne, rubutunsu ya ɗan bambanta: suna rubuta "ƴ" inda muke rubuta "'y", kuma kalmomin aronsu da yawa daga Faransanci suke. In ka san wannan tsarin, faɗa. Ajami kuwa ƙarfi ne na gaske a fannin lafiya, don akwai masu karanta shi da ba sa karanta boko, kuma akan buga sanarwa da shi. Amma iya karanta shi daban, iya buga shi a kwamfuta da wasulla daidai daban. Faɗi wanne ka iya.

Wane samfuri zan haɗa, kuma in sa farashi?

Shafi ɗaya daga fannin da ka ambata, asali a hagu, fassara a dama. Ɗauko shi daga takardar da aka riga aka fitar wa jama'a. Kada ka taɓa tura takardar da ke ɗauke da sunan mara lafiya, ko aikin wani da ba a wallafa ba. Kamfanin zai sa ka sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri, kuma wanda ya turo sirrin wani a matsayin samfuri ya riga ya faɗi wannan jarrabawar.

Farashi kuwa sai in sun tambaya a tallar. In sun tambaya, faɗi kuɗin kowace kalma ta asalin takardar, ba ta fassarar ba, domin Hausa takan fi Turanci yawan kalmomi kuma lissafi da ita yana jawo gardama bayan an gama aiki. Ka faɗi kuma mafi ƙarancin abin da kake karɓa a ƙaramin aiki.

Sun turo gwaji. Nawa ne ya dace in yi kyauta, kuma yaushe zan sake tuntuɓa in sun yi shiru?

Gwajin kyauta da aka saba kalmomi 200 zuwa 300 ne. In aka turo shafi goma cikakku da ranar da abokin ciniki ke jira, wannan aiki ne, sai a biya. Wanda ya ce ka turo kuɗin rajista kafin ya ba ka aiki, rabu da shi.

A gwajin ka yi daidai abin da wasiƙarka ta ce kana yi: adadi su zauna yadda suke, kalma ɗaya ta fanni ta riƙe fassara ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma inda asalin yake da harshen damo ka rubuta gajeriyar tambaya a ƙasa. Wasu kamfanoni da gangan suke dasa kuskure a asalin, kamar adadin da ya saɓa tsakanin sakin layi biyu, don su ga ko za ka yi magana.

In mako biyu suka wuce ba amsa, tura imel ɗaya mai layi uku a ƙarƙashin saƙon farko, ka tuna musu harsunanka da fanninka. In shiru ya ci gaba, ka bari sai ka sami sabon abin faɗa, kamar wani aiki da ka kammala a fannin ko manhajar da ka koya, sannan ka sake rubutawa bayan wata uku zuwa shida.